Kama da Wance Ba Ta Wance: Abin da Teburin Daidaito Ba Ya Faɗa Kan Ƙananan Rance

A shekarar 1998 wasu masana tattalin arziki biyu, Mark Pitt da Shahidur Khandker, suka fitar da wani lissafi da ya zagaya duniya. Suka ce duk taka 100 da aka ranta wa mace a ƙauyukan Bangladesh tana ƙara taka 18 a kan abin da gidanta ke kashewa a shekara, idan kuwa namiji ne ya karɓa, ƙarin taka 11 ne. Sun gina lissafin a kan binciken gidaje 1,798 a ƙauyuka 87, wanda aka yi tsakanin 1991 da 1992 da hannun Bankin Duniya, akasarinsu a wuraren da Bankin Grameen da ƙungiyar BRAC da wani shirin gwamnati ke ba da ƙananan rance.

Bayan shekara goma, Matthieu Chemin ya ɗauki bayanan nan dai, ya bi ta wata hanya dabam da ake taƙaita sunanta da PSM, ya ce amfanin yana nan amma bai kai yadda aka zata ba: masu karɓar rance sun fi takwarorinsu na ƙauyukan da babu shirin kashe kuɗi da kashi 3 cikin 100. A 2012 Maren Duvendack da Richard Palmer-Jones suka maimaita aikin Chemin, suka ƙara masa gwaji guda, suka ƙare da cewa ba su gamsu rancen ne ya haifar da bambancin ba. Pitt ya mayar musu da martani mai zafi, muhawarar kuma ba ta ƙare da sulhu ba.

Gidajen ba su canza ba, amsoshin da suka bayar ma suna nan yadda aka rubuta su. Abin da ya riƙa canzawa shi ne amsar tambaya guda: da wa za a kwatanta matar da ta karɓi rance?

Tambayar ba ta tsaya a Bangladesh ba. Dabarar PSM tana yawan fitowa a rahotannin tantance ayyukan tallafi da kundayen digiri na biyu da na uku a sassan tattalin arziki da na noma, har da na jami'o'in Najeriya. Ma'aikacin ma'aikatar kasafi, ko jami'in ƙungiyar agaji, ko ɗan kwamitin da zai yanke shawarar a ƙara wa shiri kuɗi ko a rufe shi, zai ci karo da ita ko ba jima ko ba daɗe. Kuma kusan kullum tana zuwa da wani tebur mai kwantar da hankali, wanda ke nuna cewa masu rance da waɗanda aka kwatanta su da su sun yi daidai ta kowace fuska. Teburin ba ƙarya yake yi ba. Sai dai tambayar da yake amsawa ta fi wadda mai karatu ke zato ƙanƙanta, kuma a harkar ƙananan rance tazarar da ke tsakanin tambayoyin biyu ta fi ta yawancin fagage faɗi, saboda wani dalili da ke cikin tsarin rancen kansa.

Yadda ake ƙera tagwaye

Wanda ke son sanin amfanin rance yana neman abin da ba zai taɓa gani ba, wato halin da mai rancen za ta kasance a ciki da ba ta karɓa ba. Tunda mutum ɗaya ba ya rayuwa sau biyu, sai a nemo wata mai kama da ita wadda ba ta karɓa ba, a ce ita ce madubinta. Idan siffa ɗaya ake dubawa, kamar shekaru, abin mai sauƙi ne. Idan siffofin suka kai goma sha biyu, da wuya a sami mace biyu da suka dace a dukkansu.

Paul Rosenbaum da Donald Rubin ne suka warware wannan ƙulli a 1983. Sun nuna cewa ana iya dunƙule siffofin duka su zama maki ɗaya tsakanin 0 da 1, wanda ke nuna yiwuwar mai irin waɗannan siffofi ta shiga shirin. Idan aka haɗa mutanen da makinsu ya zo ɗaya, to a jimlace siffofin da aka gina makin da su za su daidaita tsakanin ɓangarorin biyu, ko da mutum biyu da aka haɗa sun bambanta a wasu. Wannan sakamako tabbatacce ne na lissafi. Amma sun gindaya sharaɗi kafin a ce bambancin da ya rage aikin shirin ne: dole ya zama duk abin da ke shafar shiga shirin, kuma yake shafar sakamako, yana cikin siffofin da aka auna. Lissafin bai tabbatar da sharaɗin ba, ɗauka ya yi cewa ya cika.

A ƙaddara wani misali, da alƙaluman da aka tsara don bayani kawai. Wata ƙungiya ta ba mata masu sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli rance, bayan shekara biyu aka tura masu tambaya suka zanta da mata 400 da ke cikin shirin da wasu 1,200 da ba sa ciki. Matsakaicin ribar masu rance a wata naira 31,000 ne, na sauran naira 21,000. Babu mai hankalin da zai ce tazarar naira 10,000 duk aikin rance ce, domin masu rancen tun asali sun fi daɗewa a sana'ar, sun fi jari, sun fi kusa da kasuwa. Sai mai nazari ya lissafa wa kowace mace maki daga shekarunta, da karatunta, da yawan iyalinta, da daɗewarta a sana'a, da jarinta. A manhajar Stata aikin bai wuce layi biyu ba:

```
psmatch2 rance shekaru karatu iyali dadewa jari, outcome(riba) logit common caliper(0.05) noreplacement
pstest shekaru karatu iyali dadewa jari, both
```

Layi na farko yana nemo wa kowace mai rance wadda makinta ya fi kusa da nata cikin marasa rance, muddin tazarar ba ta wuce 0.05 ba. A ce mata 340 sun sami tagwaye, 60 ba su samu ba aka ajiye su gefe. Yanzu ribar masu rance 340 ɗin naira 30,000 ce, ta tagwayensu naira 27,000. Tazarar ta sauko daga 10,000 zuwa 3,000, kuma wannan adadi ne zai hau shafin farko na rahoto.

Karatun teburin

Layi na biyu shi ke fitar da teburin daidaito. Ga kowace siffa, ana cire matsakaicin wannan ɓangare daga na wancan, a raba da ma'aunin warwatsuwar siffar, domin a iya kwatanta shekaru da naira a sikeli guda. Kafin haɗi, masu rance sun yi shekara 9 a sana'a, sauran shekara 5, ma'aunin warwatsuwa kuma 8 ne, tazarar ta zama 4 a raba da 8, wato 0.5. Bayan haɗi, a ce 8.6 da 8.2 ne, tazarar ta koma 0.05. Al'adar da yawancin masu wannan aiki ke bi ita ce duk abin da ya gaza 0.1 an yarda ya daidaita. Idan kowane layi na teburin ya sauka ƙasa da haka, an yi aiki mai kyau, kuma ya kamata a yaba.

Akwai dai wurare biyu da ake yawan zamewa tun a nan. Na farko shi ne teburin da babu tazarar a cikinsa, sai ƙimar `p` da jimlar da ke cewa babu bambanci mai ma'ana bayan haɗi. Ƙimar `p` tana bin yawan mutanen da aka ƙirga, ba girman tazara kaɗai ba. Tazarar 0.15 tsakanin mata 400 da 1,200 za ta fito da alamar tauraro, amma ita wannan tazara ɗin tsakanin 150 da 150 ba za ta fito da komai ba. Ke nan mai nazari na iya wanke teburinsa ta hanyar zubar da mutane kawai, ba tare da ɓangarorin sun matso kusa da juna ko da taƙi ɗaya ba. Kosuke Imai da Gary King da Elizabeth Stuart sun yi gargaɗi a kan wannan tun 2008, har yau kuwa ana ganinsa.

Na biyu shi ne matan nan 60 da aka ajiye. Ba haka kawai suka rasa tagwaye ba. Su ne masu maki mafi girma, masu jari da daɗewa, waɗanda kusan duk irinsu sun shiga shirin har ba a bar na kwatance ba. Ajiye su daidai ne ta fuskar lissafi, domin ba a kwatanta mutum da wanda babu. Amma daga nan adadin 3,000 ya daina zama amfanin shirin ga duk masu rance, ya koma amfaninsa ga matsakaitan cikinsu. Rahoton da bai faɗi mutum nawa aka ajiye da su wane ne ba ya ɓoye wa mai karatu a kan wa ake magana.

Waɗannan biyun gyararru ne. Mai nazari mai kula zai kauce musu, ya kuma duba warwatsuwar siffofin ba matsakaicinsu kaɗai ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Me ya sa ɗaya ta karɓa, ɗaya ba ta karɓa ba?

A ɗauki tagwaye biyu daga misalin. Shekarunsu ɗaya, karatunsu ɗaya, jarinsu ɗaya, makin kowaccensu 0.4. Ɗaya ta karɓi rance, ɗaya ba ta karɓa ba. Dabarar tana ɗaukar cewa abin da ya raba su sa'a ce tsagwaronta, kamar an jefa kwabo sama. Duk ƙarfin hujjar ya rataya ne a kan wannan zato, kuma teburin daidaito ba shi da ta cewa a kansa, domin ba ya ganin komai sai siffofin da aka rubuta a takardar tambayoyi.

Wanda ya san yadda mace ke shiga irin wannan shiri ya san ba kwabo ake jefawa ba. Wata ta nemi rancen ne domin ta riga ta sami mai gidan abinci da zai riƙa ɗaukar galan biyu na mai kowane mako, tana buƙatar ƙarin gyaɗa. Wata tana da ɗiya ko ƙanwa mai kai mata kaya kasuwa, wata ba ta da. Wata maigidanta ya amince, wata bai amince ba. Wata ta ƙi saboda akwai kuɗin ruwa a ciki, wata ta ƙi saboda jikinta ba ya ba ta haɗin kai a shekarar, ta san ba za ta iya biyan mako-mako ba. Yawancin waɗannan dalilai suna shafar riba kai tsaye, da rance ko babu.

Fiye da haka, tsarin rancen rukuni an gina shi ne domin ya ci moriyar irin wannan sani da ba ya shiga takarda. A tsarin Grameen na asali, mutum biyar ne ke haɗa kansu su zama rukuni, kuma samun rancen gaba ya danganta da yadda 'yan rukunin suka biya. Bankin ba shi da jingina kuma bai san halin kowa ba, don haka ya bar wa maƙwabta aikin tacewa, su da suka san wadda ke cika alkawari, da wadda mijinta ke karɓe mata kuɗi, da wadda kayanta ba sa kwana. Duk wanda ya ga yadda uwar adashi ke zaɓen wanda za ta saka a zubi ya fahimci hikimar. Abin lura shi ne, gwargwadon yadda wannan tacewa ta yi aiki, gwargwadon yadda sharaɗin Rosenbaum da Rubin ke rushewa. Shirin yana alfahari da cewa yana zaɓen mutane da sanin da banki ba ya gani, mai tantance shi kuma yana rantsuwa cewa babu wani sani da ya shiga zaɓen sai wanda ke cikin takardarsa. Maganganun biyu ba za su zama gaskiya tare ba.

Ana iya sa wa abin lamba. A koma ga tagwaye 340, a ƙaddara cewa samun tsayayyen mai saye tun kafin rance yana ƙara wa mace naira 12,000 a wata, kuma ba a tambayi kowa wannan ba. A ce kashi 55 cikin 100 na masu rance suna da irin wannan ciniki, tagwayensu kuwa kashi 30 ne. Bambancin kashi 25 ne, rubu'in naira 12,000 kuma naira 3,000 ne cif. Ke nan ko da rancen bai ƙara wa kowa sisin kwabo ba, lissafin zai fitar da amfanin naira 3,000, teburin daidaito kuma zai kasance tsaf, kowane layi ƙasa da 0.1. Babu wata alama a fuskar allo da za ta bambanta wannan yanayi da wanda rancen ya yi aiki da gaske.

Kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya gefen. Idan waɗanda ke rugawa neman rance su ne waɗanda wata masifa ta faɗa wa, rashin lafiya ko asarar kaya, to dabarar za ta rage wa shirin daraja, ta nuna kamar yana talauta mutane. Mai nazari ba zai san inda kuskuren ya karkata ba sai ya san yadda aka yi mutane suka shiga, wannan kuwa sani ne da ake samu daga bakin jami'in rance da matan kansu.

Lokacin tambaya, da waɗanda suka fita

Akwai wata matsala da ke shigowa ta ƙofar baya. A misalin, an je tambaya ne bayan shekara biyu da fara shirin, kamar yadda binciken Bangladesh ma ya tarar da mutane sun riga sun daɗe da shiga. Jarin da mace ta faɗa a ranar, shin na kafin rance ne ko na bayansa? Idan na bayansa ne, to rancen na iya zama shi ya gina shi, kuma haɗa mai rance da wadda ta tara jari iri ɗaya da ƙarfinta daidai yake da goge wani ɓangare na amfanin da ake nema. Idan aka ce ta tuna na shekara biyu baya, an dogara da tunanin mutumin da ba ya rubuta cinikinsa. Idan aka cire jarin gaba ɗaya aka tsaya ga abubuwan da rance ba ya canzawa, kamar shekaru da karatu, makin zai zama mai rauni, domin waɗannan ba su ne ke raba mai karɓa da marar karɓa ba. Teburin da ya daidaita a kan siffofin da ba su da tasiri abu ne mai sauƙin samu, kuma bai tabbatar da komai ba.

Sai kuma waɗanda suka fita. Mata 400 da aka tarar a shirin su ne suka rage. A ce 500 ne suka fara, 100 suka kasa biya suka janye, ribarsu a yau naira 15,000. Matsakaicin duk waɗanda suka taɓa karɓa zai zama naira 27,800, ba 31,000 ba. Idan kuma masu tambaya suka rubuta matan nan 100 a cikin marasa rance, tunda a ranar ba su da bashin kowa, an yi ɓarna biyu: an tsame waɗanda abin bai yi wa kyau ba daga wannan ɓangare, an zuba su a wancan sun ja shi ƙasa. Gwendolyn Alexander-Tedeschi da Dean Karlan sun nuna da bayanan wani mai ba da rance a Peru cewa barin waɗanda suka fita yana kumbura sakamako. Shi ma wannan teburin daidaito ba zai nuna shi ba.

Abin da za a iya gwadawa

Ba a iya auna abin da ba a gani ba, amma ana iya tambayar girman da zai kai kafin ya rushe sakamako. Wannan shi ne gwajin da Rosenbaum ya tsara, wanda ake yi a Stata da `rbounds`, kuma irinsa ne Duvendack da Palmer-Jones suka ƙara a kan aikin Chemin. Ana amfani da lamba mai suna Γ. Idan Γ ta zama 1, tagwaye biyu suna da dama iri ɗaya ta zama mai karɓar rance, 50 da 50. Idan ta zama 1.5, wani ɓoyayyen dalili na iya karkatar da damar zuwa 60 da 40. Idan ta kai 2, ɗaya na iya ninka ɗaya. Ana ɗaga lambar a hankali har inda sakamakon zai daina tsayawa da ƙafarsa. Sakamakon da ya faɗi a 1.2 yana nufin ɗan rinjaye na kusan 55 da 45 ya isa ya bayyana shi. Mai karatu sai ya tambayi kansa ko amincewar maigida, ko samun mai saye, ko shaidar maƙwabta, na iya karkatar da damar shiga da wannan ɗan kaɗan. Gwajin ba ya cewa akwai ɓoyayyen dalili, yana faɗin yadda ginin zai jure idan akwai.

Gwaji na biyu ya fi sauƙin fahimta. A nemi wani abu da rancen ba zai iya shafa ba domin ya riga shi faruwa, wanda kuma ba a sa shi cikin maki ba, kamar ribar shekarar da ta gabaci shirin. Idan masu rance sun riga sun fi tagwayensu tun a lokacin, to tagwayen na bogi ne. Sai dai wannan yana buƙatar a yi bincike tun kafin a fara rabon kuɗi, abin da yawancin shirye-shirye ba sa yi, sai wa'adi ya ƙare a tuna da tantancewa.

Adalci ne a faɗi cewa dabarar tana da inda take aiki. A 1986 Robert LaLonde ya ɗauki wani shirin koyar da sana'a na Amurka da aka raba shi ta hanyar ƙuri'a, don haka an san amsarsa ta gaskiya, ya nuna cewa hanyoyin lissafi na lokacin sun kasa cim mata. A 1999 Rajeev Dehejia da Sadek Wahba suka nuna cewa haɗi bisa maki ya zo kusa da amsar, musamman da aka sa kuɗin shigar mutane na shekara biyu kafin shirin. Jeffrey Smith da Petra Todd suka biyo baya a 2005 suka nuna cewa nasarar tana gushewa idan aka sauya mutanen da aka ɗauka ko siffofin da aka zaɓa. Darasin da ya fito daga wannan ja-in-ja, da kuma ayyukan James Heckman da abokan aikinsa, shi ne dabarar ta fi dacewa idan ɓangarorin biyu suna kasuwa ɗaya, an yi musu tambaya da takarda iri ɗaya, kuma akwai tarihin sakamakon tun kafin shiri. Ta fi dacewa kuma idan wata ƙa'ida rubutacciya ce ke shigar da mutane, ba ra'ayinsu ba. Ƙananan rance sun fi kowane shiri nisa da wannan sharaɗi na ƙarshe. Ko a Bangladesh, inda aka ce sai mai ƙasar da ba ta wuce rabin eka ba zai shiga, Jonathan Morduch ya nuna tun 1998 cewa masu rance da yawa sun mallaki fiye da haka.

Hanyar da Coleman ya bi

Akwai wanda ya fuskanci matsalar tun daga tushe ba tare da wani lissafi mai wuya ba. A tsakiyar shekarun 1990, Brett Coleman ya yi nazarin bankunan ƙauye a arewa maso gabashin Thailand, a ƙauyuka 14. Takwas suna da bankin, shida kuwa an tsara za a kai musu bayan shekara guda. A waɗannan shida, sai aka bar mutane suka rubuta sunayensu tun da wuri, suka jira. Da haka ya sami abin da teburin daidaito ba zai taɓa bayarwa ba: mutanen da suka zaɓi shiga da kansu, da duk wani ɓoyayyen dalili da ya tura su, amma kuɗi bai shiga hannunsu ba tukuna. Da ya kwatanta masu rance da waɗannan masu jira, amfanin da kwatance na gama-gari ke nunawa ya zube a yawancin ma'aunai. Ya kuma gano cewa masu hali a ƙauyen sun fi shiga tun farko.

Gwaje-gwajen ƙuri'a guda shida da aka buga tare a 2015, daga Indiya, Maroko, Habasha, Mekziko, Mongoliya da Bosniya, sun nufi wuri ɗaya: sana'o'i sun ɗan faɗaɗa a wasu wuraren, amma babu ko ɗaya da ya sami tabbataccen ƙarin kuɗin shigar gida a jimlace. Su ma suna da nasu rauni, domin a da yawansu mutanen da suka karɓi rancen ba su da yawa, abin da ke sa ƙaramin amfani ya yi wuyar gani. Ba su ce rance ba ya taimakon kowa ba. Amma duk rahoton haɗi bisa maki da ya zo da ƙarin riba na kashi 30 ko 40 cikin 100 yana da bayanin da zai yi kan dalilin da ya sa shirinsa ya fi waɗancan nesa ba kusa ba, kuma kyan teburinsa ba bayani ba ne.

Saboda haka kwamitin da aka ajiye wa irin wannan rahoto bai kamata ya tsaya a kan ko layukan sun sauka ƙasa da 0.1 ba. Ya tambayi wane ne ya yanke shawarar shigar kowace mace, kuma da wane sani, da ranar da aka auna jarin da aka yi haɗi da shi, da inda waɗanda suka janye suka shiga a lissafi, da lambar Γ da sakamakon ya faɗi a kanta. Idan kuma shirin bai fara ba, ko zai faɗaɗa zuwa sababbin wurare, akwai dama mai arha da ake yawan bari ta wuce. Kusan babu shirin da ke da kuɗi da ma'aikatan da zai isa ko'ina a rana ɗaya, dole wasu garuruwa su jira. Idan za a kai garuruwa 40 cikin shekara biyu, ana iya buɗe rajista da tantancewa a dukkansu lokaci guda, a rubuta riba da jarin duk wadda ta yi rajista tun ranar, sannan a fitar da garuruwa 20 na zangon farko ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a. Matan garuruwan da ke jira za su karɓi nasu a zango na biyu kamar yadda aka tsara tun asali, kuma kafin lokacin su ne za a kwatanta da waɗanda suka riga su karɓa, har da duk wadda ta kasa biya ta janye.